Om 60 da milibolt 200: yadda ake jan layin Modbus ya zauna lafiya

A masana'antar casar shinkafa, ko tashar wutar sola da ke ciyar da ƙauye, ko gidan ruwa, za ka tarar da wata siririyar waya tana fita daga wannan akwatin lantarki ta shiga wancan, ta sake fita ta nufi na gaba. Ba wuta take ɗauka ba, magana take ɗauka. Ta cikinta ne kwamfutar ofis take tambayar mitar wuta nawa aka sha, ta tambayi inbata yaya batir yake, ta umarci na'urar daidaita gudun inji, wadda aka fi sani da `VFD`, ta rage ko ta ƙara. Harshen da yawancin waɗannan na'urori suke magana da shi sunansa Modbus. Kamfanin Modicon ne ya fito da shi a 1979, kuma har yau yana nan daram saboda sauƙinsa. Tsarin lantarkin da yake hawa a kan wayar kuwa shi ne `RS-485`, wanda aka kafa ƙa'idarsa a 1983.

Dokar maganar mai sauƙi ce. Na'ura ɗaya ce mai tambaya, sauran duka masu amsawa ne, kowacce da lambarta daga 1 zuwa 247. Duk suna rataye a kan wayoyi biyu guda, duk suna jin abin da ake faɗa, amma sai wadda aka kira lambarta take buɗe baki. Ga yadda tambaya take idan aka kama ta a allon kwamfuta:

```
01 03 00 00 00 0A C5 CD
```

Ma'anarta: ke mai lamba 1, karanto mini gurabe goma daga na farko. Lambobi biyu na ƙarshe hatimi ne da ake kira `CRC`, wanda aka lissafo daga duk abin da ya gabace su. Idan ko bit ɗaya ya gurɓata a hanya, hatimin ba zai dace ba, sai mai karɓa ta yar da saƙon ba tare da ta ce uffan ba. Wannan shirun shi ne yake wahalar da masu gyara, domin na'ura ba ta gaya maka abin da ya same ta. Amma shirun iri biyu ne, kuma wanda ya iya rarrabe su ya yi rabin aikin. Na'urar da ba ta taɓa amsawa ba ko sau ɗaya, yawanci saiti ne bai dace ba, ko an juya wayoyi. Wadda take amsawa yanzu anjima ta ɗauke, matsalarta tana cikin wayar kanta, kuma maltimita ta hannu ta isa ta gano mafi yawanta.

Mu ɗauki misalin wata masana'antar shinkafa. Akwai kwamfuta a ofis da ɗan akwatin da ke mayar da `USB` zuwa `RS-485`. Daga nan kebul ya bi zauren injuna tsawon mita 400, ya ratsa mitocin wuta shida da `VFD` uku. Daga tsakiyar zauren an yanko reshe mai tsawon mita 90 zuwa `VFD` ta huɗu da ke kula da famfon rijiyar burtsatse. Da dare, injuna a kashe, komai yana amsawa sumul. Da rana, an tayar da aiki, sai allon ofis ya cika da `timeout` da `CRC error`. Akwai kuma wata sabuwar mita, ta bakwai, da aka saka kwanan nan, wadda tunda aka ɗaura ta ba ta ce komai ba. Mai masana'anta ya riga ya yanke hukunci cewa manhajar ce ba ta da kyau.

Abin da ke faruwa a ƙarshen waya

Sigina ba ya cika waya a lokaci guda. Tafiya yake yi, kimanin mita 200 a cikin mikrosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Yana tafe yana jin wata turjiya da kebul ɗin yake da ita bisa ƙirarsa, wadda ba ta da alaƙa da tsawonsa. Murɗaɗɗen kebul da aka yi domin `RS-485` turjiyarsa om 120 ce. Idan sigina ya isa ƙarshen waya ya tarar da ita a buɗe, ba inda ƙarfinsa zai tafi, sai ya juyo baya ya haɗu da bit ɗin da ke biye da shi ya jirkita shi. Idan kuwa aka ɗaura rizisto mai om 120 tsakanin wayoyin biyu a wannan ƙarshen, sigina zai shiga cikinsa kamar waya ce ta ci gaba, ya ƙare a nan a matsayin ɗan zafi. Wannan shi ne rizistan rufe layi. Tunda kowace na'ura tana iya yin magana daga inda take, kuma maganarta tana bazuwa hagu da dama, dole a rufe ƙarshen biyu. Biyu kacal, kuma a ainihin ƙarshen kebul. Idan kwamfuta a tsakiyar layi take, ba ta da rabo a ciki, duk da cewa ita ce mai tambaya.

Takardar ƙa'idar Modbus ta layin waya ta ambaci rizisto mai om 150, ko mai om 120 haɗe da ƙaramin kafasito, amma abin da za ka fi samu a cikin na'urori shi ne 120 shi kaɗai, sau da yawa a bayan ɗan makunni ko jamfa da aka rubuta wa `TERM`.

Ga gwajin farko. A kashe wutar duk na'urorin da ke kan layin, a saita maltimita a kan om, a auna tsakanin wayoyin biyu. Rizisto biyu masu 120 a jere da juna suna ba da 60, don haka lafiyayyen layi zai nuna kusan 60, ko ɗan sama da haka idan kebul ɗin dogo ne. Idan ka ga kusan 120, ɗaya ne kawai a kai, ko kuma waya ta tsinke tsakaninka da ɗayan. Idan dubbai ka gani, babu ko ɗaya. Idan kusan sifili ne, wayoyin sun haɗu a wani wuri.

A masana'antarmu maltimita ta nuna kusan 40. Rizisto uku ke nan. Da aka bi akwatuna ɗaya bayan ɗaya, sai aka tarar akwatin ofis yana da nasa, mitar ƙarshe an ɗaura mata nata, ga kuma wata `VFD` a tsakiyar zaure da makunnin `TERM` a kunne. Wannan yana yawan faruwa, domin wanda ya haɗa akwatin lantarkin ya gwada shi a shagonsa shi kaɗai ya kunna makunnin, ba wanda ya tuna ya kashe. Illar na ukun biyu ce. An ƙera masu tura sigina na `RS-485` su ɗauki nauyin om 54, su ba da aƙalla bolt 1.5 a kansa, saboda haka om 40 ya fi ƙarfin abin da aka yi musu alkawari, sai siginar ta yi rauni. Illa ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa, kuma ita ce ta kai mu ga gwaji na gaba.

Lokacin da babu mai magana

Mai karɓa ba ya auna kowace waya ita kaɗai, bambancin da ke tsakanin biyun yake dubawa. Idan ɗaya ta fi ɗaya da milibolt 200 ko sama, ya karanta 1. Idan ɗayar ce ta fi da milibolt 200, ya karanta 0. Abin da ke tsakanin waɗannan iyakoki biyu, ƙa'ida ba ta yi alkawarin komai a kansa ba.

To, tsakanin tambaya da amsa akwai lokacin da duk na'urori suka saki layin. Babu mai tura komai, rizistocin rufewa kuma suna jawo wayoyin biyu zuwa daidai da juna, wato bambancin ya sauka sifili, tsakiyar inda ba a sani ba. A nan ɗan hayaniyar lantarki kaɗan ya isa ya sa mai karɓa ya ga kamar an fara sabon saƙo. Zai ɗauki bayit na shara ya manna a gaban amsar gaskiya, hatimi ya ƙi dacewa. Shi ya sa layin yake lafiya da dare, ya rikice da rana, domin `VFD` tana datsa wuta sau dubbai a daƙiƙa, kuma tana cikin manyan masu watsa hayaniya a masana'anta.

Maganin shi ne a ɗan karkata layin da gangan. Ana ɗaura rizisto ɗaya daga bolt 5 zuwa waya mai alamar `D1`, wani daga `D0` zuwa wayar gama-gari, ta yadda ko ba mai magana, `D1` za ta tsaya sama da `D0`. Ƙa'idar Modbus ta ce kowannensu ya kasance tsakanin om 450 da 650, kuma a wuri ɗaya tak a duk layin, yawanci a wajen mai tambaya. Lissafin ɗan rabo ne kawai. Akwatin ofis ɗinmu yana da guda biyu masu om 560:

```
5 × 60 / (560 + 60 + 560) = 0.254 V
5 × 40 / (560 + 40 + 560) = 0.172 V
```

Layin sama shi ne yadda ya kamata, milibolt 254, sama da iyaka. Na ƙasa shi ne abin da rizisto na uku ya jawo, milibolt 172, ƙasa da iyaka. Makunni guda ya raunana sigina lokacin magana, ya kuma kwance tsaron lokacin shiru. Ana tabbatar da wannan ne da wuta a kunne, an tsayar da manhajar tambaya, maltimita a kan bolt na `DC`. Da aka kashe `TERM` ɗin tsakiya, awon ya haura 250, kurakurai suka ragu sosai.

Akwai wani tarko a nan da ya sa wasu masu gyara suka tsani rizistan rufewa gaba ɗaya, suna cewa duk lokacin da suka saka shi layi mutuwa yake. Abin da suka gani gaskiya ne, fassarar ce ba daidai ba. Ƙananan akwatunan `USB` masu araha sukan zo da rizistocin karkatawa manya, misali om 4,700. Idan babu rufewa, waɗannan sun isa su buɗe tazara mai faɗi. Da zarar an ɗora om 60 a tsakani, lissafin ya koma 5 sau 60 a raba da 9,460, milibolt 32 ke nan, kusan babu. Rufewa da karkatawa tare ake lissafa su. Wanda zai saka ɗaya ya auna ɗayan. Wasu sababbin na'urori an ƙera su suna karanta sifili a matsayin shiru, ba sa bukatar karkatawa, amma layi ɗaya yakan haɗa tsohuwa da sabuwa, kuma tsohuwar ce za ta fara kuka. A gefe guda, idan na'urori uku ko huɗu kowacce ta kunna tata karkatawar, nauyin ya taru a kan mai tura sigina. Shi ma ana gane shi da awon lokacin shiru da ya yi yawa fiye da lissafi.

Siffar layin

Layin `RS-485` kamar carbi ake son sa: zare ɗaya, 'ya'ya a jere, farko ɗaya ƙarshe ɗaya. Kebul ya shigo bakin na'ura, wani ya fita daga bakin nan guda zuwa ta gaba. Mai aikin wutar gida ya saba da kawo waya akwati ɗaya ya rarraba ta zuwa ɗakuna, kuma hannunsa zai so ya yi haka a nan. A wutar gida daidai ne, a nan kuwa kuskure ne. Idan sigina ya zo mararraba inda waya ta rabu biyu, rassa biyu masu om 120 suna bayyana gare shi a matsayin 60, sai kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin bolt ɗinsa ya juya baya. Abin da ya shiga reshen kuma ya je ƙarshensa buɗaɗɗe ya dawo. Ba za ka iya rufe reshen da rizisto ba, don ka koma uku. Ƙa'idar Modbus ta yarda da gajeren reshe da bai wuce mita 20 ba, amma a aikace gwamma a bar shi taku ɗaya ko biyu.

Reshen rijiyarmu mita 90 ne. Hanyoyin gyara biyu ne. Idan kebul ɗin yana da murɗaɗɗun tagwaye biyu a ciki, sai a yanke babban layi a mararrabar, a tura shi rijiya ta tagwaye na farko, ya dawo ta na biyu ya ci gaba. Reshe ya zama ɓangaren zaren, tsawon layi ya tashi daga 400 zuwa 580, wanda har yanzu yana ƙasa da mita 1,000 da ƙa'idar ta ambata ga gudun 9600. Hanya ta biyu ita ce a saka rifita mai raba lantarkin ɓangarori biyu, reshen ya zama layi mai zaman kansa da rufewarsa da karkatawarsa. Ga wayar da ta fita daga gini ta bi fili, ni ta biyun zan zaɓa ko da ta fi tsada, saboda tsawar damina. Aradu ba sai ta faɗo a kan waya ba, ta faɗi kusa ma ya isa ta ɗaga lantarkin ƙasa a gefe ɗaya, kuma idan babu abin da ya raba, ƙunar takan bi layi ta ci na'urori da dama.

Wannan ya kawo maganar waya ta uku. Ana cewa layin waya biyu ne, amma ƙa'idar Modbus ta wajabta ta uku, ta gama-gari, wadda ake rubuta wa `COM` ko `GND` ko `SG`. Dalili shi ne mai karɓa yana iya auna bambanci ne kawai idan wayoyin biyu suna tsakanin bolt 7 ƙasa da sifilinsa da bolt 12 sama da shi. Gini biyu, kowanne da sandar ƙasarsa, ɗaya a kan janareto ɗaya a kan sola, sifilinsu yana iya bambanta har a fita daga wannan iyaka. Wayar gama-gari ce take riƙe su kusa da juna. Rigar ƙarfen da ta lulluɓe kebul kuwa ba ita ce wannan wayar ba. Ana sada ta daga na'ura zuwa na'ura kada ta yanke, a haɗa ta da ƙasa a wuri ɗaya, don kada wuta ta sami hanyar zagayawa ta cikinta. Kuma kada a kwantar da kebul ɗin cikin bututu ɗaya da wayar da ta fito daga `VFD` zuwa inji. Idan dole su haɗu, su gitta juna su wuce.

Kebul ɗin intanet na `CAT5` yana aiki a gajeren layi, turjiyarsa om 100 ce, ba ta yi nisa da 120 ba. Sharaɗin shi ne `D0` da `D1` su hau tagwaye ɗaya da aka murɗa tare. Wanda ya ɗauki shuɗiya daga nan, ruwan lemo daga can, ya zubar da duk amfanin murɗin, domin murɗin ne yake sa hayaniya ta faɗa wa wayoyin biyu daidai wa daida har ta ɓace a wajen auna bambanci.

Mitar da ba ta taɓa magana ba

Saura mita ta bakwai. A layin nan babu wayar agogo, kowace na'ura da kanta take ƙirga lokaci. Ta ga farkon bayit, sai ta riƙa leƙa layin a tsakiyar kowane bit bisa gudun da aka saita mata. Idan mai tambaya tana kan bod 19200, mai amsa tana kan 9600, abin da za ta tsinta shara ce zalla. Babu kusa-kusa a nan, ƙa'ida ta ba da rangwamen kashi 1 cikin 100 ga mai turawa, kashi 2 ga mai karɓa.

Gudu ba shi kaɗai ake daidaitawa ba. Akwai fariti, wato bit ɗin duba kuskure, da adadin bit ɗin tsayawa. Ƙa'idar ta ce na'ura ta fito daga masana'anta a kan 19200 da fariti `Even`, abin da ake rubutawa `8E1`, idan kuma babu fariti a saka bit ɗin tsayawa biyu, `8N2`. Masu ƙera kaya da yawa ba su bi ba, suna fito da nasu a kan 9600 da `8N1`. Haka aka tarar da mitarmu, alhali layin yana kan 19200 `8E1`. An gyara daga maɓallan fuskarta, aka kashe ta aka kunna, domin da yawa ba sa ɗaukar sabon saiti sai an yi haka. Har yanzu shiru. Sai aka juya wayoyinta biyu, nan take ta amsa. Kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kan wace ce `A` wace ce `B` ba, abin da wannan ya kira `A` wancan `B` yake kiransa. Juya su ba ya ƙona komai. Wanda ba ya son canki-canki ya cire wayoyin daga mitar ya auna su lokacin shiru: wadda ta fi bolt ita ce `D1`, ita ake kai wa bakin da ke da alamar `+`.

A duba lamba kuma. Sababbin na'urori da yawa suna zuwa da lamba 1, kuma idan biyu suka haɗa lamba, tare za su amsa, maganarsu ta yi karo. Alamarta ita ce lamba ɗaya tak take ba da `CRC error` dare da rana, sauran lafiya lau.

A ƙarshe an sauke duk layin zuwa 9600, kuma ina ganin wannan shi ne daidai ga irin wannan aiki. A 9600 kowane bit yana ɗaukar mikrosakan 104, ana leƙa shi a wajen na 52, alhali sigina yana zuwa ƙarshen mita 400 ya dawo cikin 4 kacal, ya riga ya lafa tun kafin a duba. A 115200 bit ɗin mikrosakan 8.7 ne, tsakiyarsa ta faɗo daidai lokacin da abin da ya juyo yake isowa. Shi ya sa layi mai rassa da babu rufewa yake iya shekaru yana aiki a ƙaramin gudu, ranar da aka ɗaga gudun ya watse. Abin da aka rasa kuma kaɗan ne. Tambayar da muka gani a sama bayit 8 ce, amsarta 25. Kowane bayit bit 11 ne a kan waya, jimilla kimanin milisakan 38, a ƙara shirun da ke raba saƙonni, wanda a wannan gudun milisakan 4 ne kowanne, da ɗan jinkirin da na'ura take yi kafin ta amsa. Na'urori goma sha ɗaya za a zagaye su cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, matuƙar duk suna amsawa. Abin da ke cinye lokaci shi ne wadda ta yi shiru: idan an saita jira na daƙiƙa ɗaya da maimaici uku, mita ɗaya da aka kashe wa wuta za ta riƙe layin daƙiƙa uku zuwa huɗu a kowane zagaye. Saboda haka idan an cire na'ura domin gyara, a cire lambarta daga jerin tambaya, idan kuma ita ce ta ƙarshen layi, a mayar da rizistan om 120 kan wadda ta gaje ta.